Wayar haske ko HDMI: yadda za ka haɗa sawunba da talabijin, da irin sautin da kowace waya ke ɗauka

Idan ka sayi sawunba, wato doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa a gindin talabijin, ka juya bayanta za ka tarar da rami biyu da ake jona ta da talabijin ta cikinsu. Ɗaya ƙarami ne mai kusurwa huɗu, an rubuta OPTICAL ko DIGITAL AUDIO IN a kusa da shi, nan ne wayar haske take shiga. Ɗayan kuma ramin HDMI ne da aka rubuta wa ARC ko eARC. Mai shago a babbar kasuwar Garwa ko ta Marwa yawanci zai ce maka HDMI ta fi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai fifikon nata yana da sharaɗi, kuma a gidaje da yawa a nan yankinmu sharaɗin bai cika ba, don haka wayoyin biyu sauti iri ɗaya tak suke kawowa.

Waya ba ta ƙara wa sauti daɗi. Aikinta ta ɗauki abin da aka ba ta ta kai, ko ta kasa. Sautin da ke isa kunnenka ya bi ta hannu huɗu: abin da kake kallo, talabijin, waya, sannan sawunba. Duk wanda ya fi rauni a cikin huɗun nan, shi ne yake yanke hukunci. Saboda haka kafin ka zaɓi waya, sauran ukun za ka fara dubawa.

Me ya sa wayar haske take da iyaka

Kamfanin Toshiba ne ya fito da wannan mahaɗi a 1983, sunansa na asali TOSLINK, kuma tsarin da sauti ke bi a cikinsa shi ne S/PDIF na kamfanonin Sony da Philips. An yi shi ne a zamanin faifan CD, lokacin da buƙatar duka ita ce a kai layin sauti biyu, na hagu da na dama. Babu ƙarfe a cikin wayar. Zaren roba ne mai sheƙi, talabijin yana haska jan haske a bakinsa yana kunnawa yana kashewa da saurin gaske, sawunba kuma tana karanta ƙyaftawar a ɗaya bakin.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna maka inda iyakar take. Ɗanyen sauti wanda ba a matse ba shi ne ake rubuta wa PCM. A talabijin, ana auna sautin sau 48,000 a daƙiƙa ɗaya, kowane awo yana cin bit 16, layi kuma biyu ne. Idan ka ninka su za ka samu bit 1,536,000 a daƙiƙa, wato kusan megabit ɗaya da rabi. Wannan shi ne faɗin gurbin da aka saba amfani da shi. Fim mai sautin 5.1 kuwa layi shida gare shi: hagu, dama, tsakiya, biyu na baya, da na wufa mai bada ƙugin nan da ake ji a ƙirji. Ɗanyensa ya haura megabit huɗu da rabi, kuma tsarin S/PDIF ba a gina shi don ɗanyen layi shida ba.

To yaya aka yi ake jin 5.1 ta wayar haske? Kamar auduga ce. Idan an ɗebo ta daga gona tana cin wuri, amma idan an kai ta masana'anta an cire gurya an danne ta ta zama dami, sai mota ɗaya ta kwashe abin da a da sai motoci da yawa. Tsarin danne sauti da ake kira Dolby Digital haka yake yi: yana zubar da sassan sautin da kunne ba ya cika lura da su, ya danne layi shida su koma kilobit 448 a faifan DVD, ko 640 idan ya kai ƙarshensa. DTS ma haka, sai dai nasa damin ya fi girma, yana kaiwa kusan kilobit 1,500, da ƙyar ya shige gurbin. Dukansu biyun suna hawa ne a mazaunin layi biyun nan na PCM. Amma dole wanda aka kai wa damin ya iya kwance shi. Sawunbar da ba ta san DTS ba, idan aka aiko mata shi, shiru za ta yi.

Abin da wayar haske ke ɗauka ke nan: PCM mai layi biyu, Dolby Digital har 5.1, da DTS har 5.1. Ba ta ɗaukar Dolby Digital Plus, ba ta ɗaukar Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, ba ta ɗaukar Dolby Atmos mai sa a ji sauti har ta sama, kuma ba ta ɗaukar ɗanyen PCM mai layi shida ko takwas. Ko ka sayi mai bakin ruwan zinariya, iyakar tana nan, domin daga tsarin take, ba daga ingancin robar ba. Ni dai ban ga dalilin biyan kuɗi mai yawa a kan wayar haske ba. Ta mita ɗaya da rabi ko biyu mai arha ta wadatar, muddin bakinta yana kamawa da kyau. Idan tsawo ya wuce mita biyar zuwa goma ne haske yake fara raunana, sauti ya riƙa yankewa.

HDMI iri biyu ce a wannan magana

Asalin HDMI an yi ta ne don ta kawo hoto da sauti daga dikoda zuwa talabijin, hanya ɗaya. A 2009, da fitowar HDMI 1.4, aka ƙara mata hanyar dawowa da ake kira ARC, wadda talabijin ke mayar da sauti ta cikinta zuwa lasifika. ARC tana ɗaukar duk abin da wayar haske ke ɗauka, kuma a mafi yawan talabijin na 'yan shekarun nan tana ƙarawa da Dolby Digital Plus. Wannan ƙarin ba ƙarami ba ne ga mai kallo ta intanet, domin Netflix da ire-irensa da Dolby Digital Plus suke aiko da sautin 5.1, kuma Atmos ɗinsu ma a cikinsa yake tafiya. Wato ARC ta yau da kullum tana iya kawo Atmos na intanet, idan talabijin ya yarda ya miƙa shi kuma sawunba ta san shi.

A 2017 aka fito da HDMI 2.1, tare da ita eARC, wato ARC da aka faɗaɗa. Faɗin eARC ya kai kusan megabit 37 a daƙiƙa, daidai ɗanyen layi takwas da aka auna sau 192,000 da bit 24. Ta nan ne Dolby TrueHD mai kaiwa megabit 18 yake wucewa, da DTS-HD Master Audio mai kaiwa 24.5, da DTS:X, da ɗanyen PCM 5.1 ko 7.1 irin wanda na'urar wasa kamar PlayStation ke fitarwa. TrueHD da DTS-HD Master Audio an danne su ne ba tare da an zubar da komai ba, shi ya sa suke da nauyi. A faifan Blu-ray ake samunsu, ko a manyan fayilolin da aka kwafo daga faifan, ba a tashoshin tauraron ɗan'adam ba.

eARC sai talabijin da sawunba dukansu suna da ita take aiki. Idan ɗaya ne kawai yake da ita, za su koma magana da ARC, sauti zai fito, amma a kan iyakar ARC.

Akwai wani abu da HDMI ta fi wayar haske da shi wanda ba ruwansa da ingancin sauti, kuma a ganina shi ne babban dalilin zaɓenta a yawancin gidaje. A cikin wayar akwai silin da ake kira CEC, wanda na'urori ke aika wa juna umarni ta cikinsa. Da shi ne rimot ɗin talabijin yake ƙara murya ko rage ta a sawunba, kuma idan ka kashe talabijin ita ma ta mutu. Da wayar haske kuwa rimot biyu za ka riƙa riƙewa, sai dai idan sawunbarka irin mai koyon siginar rimot ɗin talabijin ce. A gidan da yara suke, wanda ya taɓa neman ƙaramin rimot ɗin sawunba a ƙarƙashin kujera ya san darajar wannan.

Mataki na farko: me kake kallo, kuma layi nawa gare ka

Zauna ka lissafa gaskiyar abin da ake kallo a gidan. Idan dikodar Canal+ ce ko dikodar tashoshin kyauta, ana kallon ƙwallo da labarai da tashoshin Hausa, yawancin sautin nan layi biyu ne, wasu tashoshi ƙalilan ne kawai ke aiko da Dolby Digital. YouTube ma kusan duka layi biyu ne, haka finafinan Kano da ake turawa a waya ko a filas. Duk waɗannan wayar haske tana ɗaukarsu cif, babu abin da ya ragu a hanya. Mai wannan kallo ko da ya sayi eARC babu abin da zai zuba a cikinta.

Sannan ka duba kwalin sawunbar. Lambar 2.0 tana nufin layi biyu ba wufa, 2.1 layi biyu da wufa, 3.1 an ƙara lasifikar tsakiya wadda maganar 'yan wasa ke fita ta cikinta. Idan ka ga lamba uku, kamar 3.1.2 ko 5.1.2, ta ƙarshen tana nufin lasifikun da ke harba sauti sama, su ne na Atmos. Sawunba mai 2.0 ko 2.1 duk abin da aka aiko mata layi biyu za ta mayar da shi, don haka da wuya kunne ya raba tsakanin wayoyin a kanta. A gefen kwalin kuma akwai tambura: Dolby Audio, Dolby Atmos, DTS. Tambarin da babu shi a nan, ka ɗauka sawunbar ba ta iya kwance shi.

Mataki na biyu: duba bayan talabijin da fitila

Talabijin mai ramin HDMI uku, ɗaya ne kawai yake da ARC, kuma an rubuta a jikinsa da ƙananan haruffa, misali HDMI 2 (ARC) ko HDMI 3 (eARC). Sau da yawa za ka tarar wanda ya kafa dish ya riga ya soka dikoda a wannan ramin, domin shi ne hannunsa ya fara kaiwa. Ka cire ta ka mayar wani ramin. A jikin sawunba ma a kula: wasu suna da HDMI biyu, ɗaya HDMI IN, ɗaya HDMI OUT (TV-ARC). Na biyun ne yake zuwa talabijin, duk da kalmar OUT tana ruɗar mutane, tunda sauti shigowa yake yi ta nan.

Ƙananan talabijin masu arha da ke shigowa kasuwanninmu wasu ba su da ARC ko kaɗan, wasu kuma ba su da ramin haske, sai wani zagayayyen rami da aka rubuta wa COAXIAL. Wannan S/PDIF ne shi ma, sai dai ta wayar ƙarfe, kuma iyakarsa ɗaya da ta wayar haske. Idan talabijinka rami ɗaya gare shi daga cikin waɗannan, an riga an yi maka zaɓi.

Inda duka biyun suke, ga yadda nake yanke shawara. Mai sawunbar Atmos, ko mai kallon Netflix da sawunba 3.1 zuwa sama, HDMI ce tasa ba tantama. Mai dikoda da sawunba 2.1 yana iya ɗaukar kowace, sai ya auna sauƙin rimot ɗaya da maganar da ke tafe.

Inda wayar haske ta fi, musamman a damina

Wayar HDMI tana haɗa jikin talabijin da jikin sawunba da ƙarfe. Talabijin kuma yana haɗe da dikoda, dikoda tana haɗe da wayar dish da ke kan rufin kwano. Idan aka yi tsawa a kusa, a watannin Yuli da Agusta da hadari ke tasowa kusan kullum, ƙarfin wutar da ya shigo ta wayar dish yana iya bin wannan hanya ya ƙona ramin HDMI na dikoda, da na talabijin, ya zarce har sawunba. Masu gyaran talabijin sun saba ganin na'urar da komai nata yana aiki amma ramukan HDMI sun mutu. Wayar haske roba ce, wuta ba ta bin ta, don haka ta wannan ɓangaren sawunba ta tsira. Kada dai a ɗauka kariya ce cikakkiya: sawunbar tana jone da soket, kuma abin da ya shigo ta wayar wutar gida zai same ta ko da wace waya aka haɗa ta. Idan hadari ya haɗo, cire wayar dish da filogi shi ne maganin.

Wannan rabuwar tana da wani amfanin. Gidaje da yawa soket ɗinsu ba shi da wayar ƙasa, shi ya sa wani lokaci idan ka taɓa bakin ƙarfen wayar HDMI za ka ji ɗan ja. A irin wannan gida, soka HDMI alhali na'urori suna kunne yana iya lalata ramin. Kashe su ka zare filogi kafin ka jona. Wayar haske ba ta da wannan matsala, kana iya cire ta ka mayar a kowane lokaci.

Ga kuma ɗaukewar wuta. ARC ta dogara da CEC, wato sai talabijin da sawunba sun gaisa sun gane juna kafin sauti ya wuce. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, ko aka juya zuwa janareta ko batirin sola, wani lokaci gaisuwar ba ta kammaluwa, sai ka ji sauti ya koma ƙananan lasifikun talabijin. Wayar haske ba ta gaisawa da kowa, talabijin haskawa kawai yake yi. Saboda haka ga mai gidan kallon ƙwallo, inda mutum hamsin ke jiran a fara wasa kuma ba wanda zai yi haƙurin a shiga saiti, ita nake ba da shawara.

Mataki na uku: jonawa da saiti

Idan wayar haske ce, ka fara cire 'yan hulunan roba da ke rufe bakinta biyu. Suna da ƙanƙanta kuma wasu fararen roba ne da ido ba ya saurin gani, mutane da dama da su suke tura wayar su ce ta ƙi shiga. Bakin fuska ɗaya yake shiga, ka daidaita shi ka tura har ka ji ƙas. Kafin ka soka ɓangaren sawunba, kunna talabijin ka nuna bakin wayar a tafin hannunka. Idan ka ga jan ɗigo, talabijin yana fitar da sigina kuma wayar ba ta karye ba. Kada ka lanƙwasa ta sosai a bayan teburi, zaren ciki yana tsagewa ba tare da an gani daga waje ba. Lokacin hunturu kuma ƙura tana taruwa a bakin, busasshen ƙyalle mai laushi ya isa ya share ta. Daga nan ka danna maɓallin zaɓen hanya a sawunba har ta nuna OPT ko D.IN, gwargwadon kamfanin.

Idan HDMI ce, kusan kowace waya mai lafiya tana ɗaukar ARC. Don eARC ka nemi wadda aka rubuta wa High Speed with Ethernet ko Ultra High Speed, domin silin biyu da aka tanadar wa wannan aiki eARC take bi. Bayan ka jona, dole ka kunna CEC a talabijin, kuma kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa: Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync, Philips EasyLink, Panasonic Viera Link. Idan CEC a kashe take, ARC ba za ta yi magana ba ko wayar sabuwa ce dal.

Saura saiti ɗaya da ya shafi wayoyin biyu, kuma a nan mafi yawan matsala take kwana. A cikin saitin sauti akwai wurin da a talabijin mai Faransanci ake rubuta wa wani abu kamar Sortie audio numérique, a mai Ingilishi Digital Audio Output. Zaɓin da ke ciki yawanci PCM ne, da Auto, da Pass-Through ko Bitstream. Idan ka zaɓi PCM, talabijin ne zai kwance sautin da kansa, kuma ta wayar haske ko ARC layi biyu kawai zai aiko. Wannan yana aiki da kowace sawunba, amma 5.1 ya tafi. Idan ka zaɓi Pass-Through, talabijin zai miƙa sautin yadda ya zo, sawunba ta kwance. Auto kuma talabijin ne yake zaɓa, kuma da yawansu suna sauya Dolby Digital Plus zuwa Dolby Digital domin ya iya bin wayar haske, shi ya sa mai wayar haske ma yake samun 5.1 daga Netflix, Atmos ne kawai ba ya samu.

Ka fara da PCM don ka tabbatar hanya a buɗe take. Idan sauti ya fito, sai ka koma Auto ka sa fim mai 5.1. Sawunba da yawa suna rubuta sunan abin da suka karɓa na ɗan lokaci a fuskarsu, ko su kunna wata fitila. Wannan rubutun shi ne shaidarka, ba abin da ke jikin kwalin waya ba.

Misali daga wani gida a Garwa

Wani ƙanen abokina da ke zaune kusa da filin wasa na Rumde Ajiya yana da talabijin inci 43 mai ARC, da dikoda, da ƙaramin akwatin Android da yake kallon finafinan da ke filas da shi, da sawunba 3.1 wadda tambarin Dolby Audio kaɗai ke jikin kwalinta. Ya kira ni ya ce, "Yaya, ƙwallo tana magana lafiya lau, amma wasu finafinan hoto kawai suke yi. Na canja waya sau biyu, mai shago ya ce in sayi ta eARC."

Tunda ƙwallo tana magana, waya da rami da CEC duk lafiyarsu ƙalau, babu dalilin taɓa su. Tambayar ita ce me ya raba fim mai magana da marar magana. Muka buɗe bayanin fayilolin a manhajar Kodi da yake kallo da ita. Masu magana an rubuta musu AAC ko AC3, kuma AC3 shi ne Dolby Digital. Marasa magana duka DTS ne. Akwatin an saita shi ya miƙa DTS yadda yake, sawunbar kuma ba ta san shi ba. Ko da ta san shi ma, sai talabijin ya yarda ya wuce da shi, kuma ba duka ke yarda ba: talabijin ɗin Samsung, alal misali, sun daina karɓar DTS tun samfurin 2018. Wayar eARC ba za ta gyara ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Gyaran a cikin Kodi yake, a saitin sauti, bayan an ɗaga matakin saitin zuwa Expert. Muka bar Number of channels a 2.0, muka kunna Allow passthrough da Dolby Digital (AC3) capable receiver, muka kashe DTS capable receiver, sannan muka kunna Enable Dolby Digital (AC3) transcoding. Ma'anarsa, akwatin zai kwance DTS da kansa, ya sake danne shi ya zama Dolby Digital 5.1, wanda talabijin da sawunba duka suka sani. Fim ya yi magana, kuma muryar 'yan wasa ta fito ta lasifikar tsakiya yadda ya kamata. Da mun kashe Allow passthrough gaba ɗaya ma sauti zai fito, amma layi biyu, kuma a irin wannan haɗin ne ake jin harbi da kiɗa sun danne magana.

Wanda yake soka filas kai tsaye a talabijin ba shi da wannan saitin. Shi sai ya sauya sautin fayil ɗin a kwamfuta da manhajar ffmpeg, hoton ba ya taɓuwa kuma aikin ba ya daɗewa:

```
ffmpeg -i fim.mkv -map 0 -c copy -c:a ac3 -b:a 640k sabo.mkv
```

Alamomin da suka rage

Idan maimakon shiru ka ji wata ƙara mai kaifi kamar ana yayyafa ruwa a mai mai zafi, ka rage murya nan take don kada lasifika ta lalace. Dannannen sauti ne aka aika wa na'urar da PCM kawai ta sani. An fi ganin haka a ƙaramin akwatin nan da ake saya don haɗa ramin haske da tsohuwar amfilifaya. Mayar da saiti PCM.

Idan kana jin murya biyu kamar amsa-kuwwa, lasifikun talabijin ne ba su mutu ba. Da wayar haske ake yawan samun haka, sai ka shiga Sortie son ko Sound Output ka zaɓi Optical da hannunka.

Idan ARC ta yi shiru bayan wuta ta dawo, kashe talabijin da rimot ba ya isa. Zare filogin talabijin da na sawunba, ka jira minti ɗaya, ka fara mayar da na talabijin, sannan na sawunba. Idan abin yana yawan dawowa, ka cire sauran na'urorin HDMI ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Silin CEC duk ramukan ne suke tarayya a kansa, don haka dikoda ɗaya mai rikici tana iya hana kowa magana. Idan ka gano ta, kashe CEC a nata saitin.

Saɓanin baki da murya kuma iri biyu ne. Idan murya ta riga baki, akwai saitin jinkiri a sawunba ko talabijin, ana rubuta masa Audio Delay ko AV Sync, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana kallon mai karanta labarai har su daidaita. Idan murya ce take zuwa a makare, ƙara jinkiri ƙara ɓata abin zai yi. Yawanci talabijin ne yake ɓata lokaci wajen kwance sauti da sake danne shi, don haka ka gwada Pass-Through, idan bai yi ba ka koma PCM. Idan sawunbarka tana da HDMI IN, akwai hanya ta uku: soka dikoda ko akwatin a jikinta kai tsaye, ita ta ɗauki sauti ta miƙa wa talabijin hoto. Ta haka iyakar ARC ba ta shafe ka ba, har TrueHD za ka samu a talabijin da ba shi da eARC idan sawunbar ta san shi. Sai dai ka duba takardarta ko tana wucewa da hoton 4K da HDR, domin wasu tsofaffi a 1080p suke tsayawa.